Kauri Daban, Shimfiɗuwar Fuska Daban

A darasin Fasaha na makon jiya, Malam ya zana mana fallen ƙarfe a allo, ya rubuta 10 ± 0.2 a gefensa. Sannan ya ja kibiya zuwa fuskar sama, ya yi ɗan akwati mai ɗauke da murabba'i karkatacce da lamba 0.05. Mu dai mun ɗauka maimaici ne, ashe mun yi kuskure.

Lamba ta farko ta kauri ce. Duk inda aka auna daga fuskar ƙasa zuwa ta sama, dole a samu tsakanin milimita 9.8 da 10.2. Ta biyu kuwa ba ruwanta da fuskar ƙasa. Ku ƙaddara gilasai biyu shimfiɗaɗɗu, ɗaya bisa ɗaya, tazararsu milimita 0.05 a ko'ina, wato kusan rabin kaurin takardar littafinmu. Duk tudu da kwarin fuskar sama sai sun shige tsakaninsu. An yarda gilasan su hau, su sauka, ko su karkata tare, amma tazarar ba ta ƙaruwa.

Sai Malam ya ba mu falle uku mu yanke musu hukunci. Na farko ƙasansa a shimfiɗe yake, gefunansa 9.85, tsakiyarsa 10.15. Kauri ya ci jarrabawa, amma tozon da ke tsakiya ya kai 0.3, ninki shida na abin da aka yarda. Ya faɗi.

Na biyu shi ya kayar da kusan duk ajin. Bakinsa ɗaya 9.9, ɗayan 10.1, fuskar ta gangara santal ba tudu ba kwari. Muka ce ai bambancin 0.2 ya fi 0.05, a yar da shi! Malam ya karkata littafin da ke hannunsa, ya ce, “Yanzu bangonsa ya daina zama a shimfiɗe?” Muka yi tsit. Gilasan nan za su karkata su bi gangaren, don haka fallen ya ci duka biyu.

Na uku kaurinsa 10 cif a ko'ina, amma ya lanƙwashe kamar bangon littafin da ruwa ya daka. Ma'aunin kauri ba zai gano shi ba, domin fuskokin biyu tare suka lanƙwasa.

Shi ya sa idan injin mota ya yi zafi fiye da kima, makaniki yakan ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan silinda, ya gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. Yakan gwada a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, domin layi ɗaya ba ya nuna halin fuskar duka. In ma'aunin da ya wuce iyaka ya shige, sai an kai a goge fuskar kafin a sa sabon gaskit.