Ya bar ni a gindin dogon yaro ya wuce

Ina rubuto maka daga Gummi, kuma wallahi raina a ɓace yake. Shekara huɗu ina gudun dogon zango tare da wani abokina, wanda tun muna firamare muke tare. Sau biyu muna zuwa Legas mu yi gudun kilomita 42, kuma duka biyun na gama da ƙafafuna. Bana muka ɗaura niyyar zuwa Afirka ta Kudu gasar Comrades, na sayar da ɗan bijimina saboda kuɗin jirgi. Muka fara irin atisayen nan na kwana biyu a jere, Asabar mai tsawo, Lahadi a ƙara wani.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi kilomita 35 lafiya lau. Lahadi muka fita za mu yi 25. Muna kaiwa wajen 14 sai na ji kamar an zare mini laka, ƙafafu suka ƙi, duniya ta yi mini baƙi. Na zauna gindin wani dogon yaro, ban san sanda hawaye suka zubo ba, ni da nake da 'ya'ya uku. Abokin nan ya tsaya kaina ya ce, "Tashi mana, sai ka ce mace." Da ban tashi ba ya juya ya ci gaba da gudunsa. Ɗan acaɓa ne ya mai da ni gida. Da yamma na iso majalisa na tarar ya riga ya ba da labari, wai ba ni da zuciya, wai kada in je in kunyata Zamfara a ƙasar mutane.

Malam, ni ne na koya masa gudun nan. Ni na ba shi takalminsa na farko. Da ya yi targaɗe ni na goyo shi har bakin titi. Yau ni zai bari a hanya kamar kayan wanki? Mako guda ke nan ban fita ba, ban kuma ɗauki wayarsa ba. In rabu da shi in yi atisayena ni kaɗai, ko in fasa tafiyar gaba ɗaya? Don in gaskiya ne ba ni da zuciya, gara in sani tun yanzu.

Naka, mai karatu daga Gummi.

To, ƙanena. Na karanta takardarka sau biyu ina neman abu ɗaya, ban same shi ba. Ka gaya mini takalmin da ka bayar da bijimin da ka sayar, amma ba ka gaya mini abin da ka ci tsakanin gudun Asabar da na Lahadi ba, ko abin da ke aljihunka lokacin da ka zauna gindin bishiyar. Wannan shiru ya fi damuna da maganar abokinka, kuma zan ɗan yi maka faɗa a kai, domin mutumin da ya gama kilomita 42 sau biyu bai kamata ya fita gudun sa'o'i hannu rabbana ba. Ina kyautata zaton haka ka fita.

Abokinka ya yi kuskure, ba a barin wanda ya zube a hanya, balle a yankinku da kowa ya san halin da hanyoyi ke ciki. Ka faɗa masa haka ido da ido, sau ɗaya, ku wuce wurin. Maganar fasa tafiya kuwa ba zan ɓata tawada a kanta ba.

Abin da ya same ka a kilomita 14 yana da dalili a cikin jiki. Tsoka da hanta suna ajiye sukari na ko-ta-kwana, kusan giram 400 zuwa 500 a jikin babban mutum, kuma gudun kilomita 35 yana kwashe mafi yawansa. Rumbun nan ba ya cika da barci kawai. Yana bukatar kusan kwana guda cur, da abinci mai sitaci da yawa, wajen giram 7 zuwa 10 a kan kowane kilo na nauyinka. Ba ka faɗi nauyinka ba, to mu ɗauka kilo 65 ne. Kana bukatar abin da ya kai giram 500 ke nan kafin wayewar garin Lahadi. Faranti ɗaya na dafaffiyar shinkafa cike da tozo bai fi giram 80 zuwa 90 ba. Ka ga kuwa in abin da ka ci shi ne tuwon dare da ɗan shayin safe, ka fita ran Lahadi da rabin tanki, kuma rabin tanki a wajen sa'a ɗaya da rabi yake ƙarewa. Lissafa ka gani ko ba daidai nan ka zauna ba. Ita ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, idan ya yi ƙasa abin da take fara yi shi ne ta baƙanta wa mutum rai. Hawayen da kake jin kunyarsu daga nan suka fito. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuka a bakin hanya, aka ba su lemon kwalba, bayan minti goma sha biyar suka miƙe suna tambayar saura nawa.

Shi gudun kwana biyu a jere an ƙirƙiro shi ne don mutum ya saba gudu da gajiyayyun ƙafafu ba tare da ya yi kilomita 60 a zama ɗaya ya kwanta mako biyu ba. Gajiyar ƙafa ake nema, yunwa ba ta cikin darasin. Saboda haka da ka dawo ran Asabar, cikin sa'a ta farko ka sha fura da nono mai sukari ko kunu, sannan ka ci abinci sosai sau uku kafin ka kwanta, da ɗan nama ko wake ko ƙwai. Ran Lahadi ka rage sauri har ya zama kana iya hira ba tare da haki ba, kuma ka fi auna shi da lokaci, misali sa'a uku da rabi ran Asabar, sa'a biyu ran Lahadi. Ba kowane mako ake yi ba. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, Litinin hutu, kuma na ƙarshe ya kasance saura mako huɗu ko biyar a yi gasa. Idan ka tashi ran Lahadi da ciwo a wuri guda wanda ke sa ka ɗingishi, musamman a ƙashin ƙauri ko bayan dunduniya, ranar ba ta gudu ba ce.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Comrades gudu ne na kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, ana yin sa tun 1921, kuma sa'a 12 ake bayarwa. Idan ta cika ana harba bindiga, wanda ya rage taku biyu ma bai gama ba. Wato kana da minti takwas da 'yan daƙiƙu a kowace kilomita, har da hawan tsaunuka irin su Inchanga da tsayuwar fitsari. A kan hanyar akwai teburan ruwa da abinci fiye da arba'in, kusan kowace kilomita biyu, da ruwan leda da lemon kwalba da ayaba da lemon zaƙi, wasu wuraren har dafaffen dankalin Turawa da gishiri. Baƙo yakan yi ɗayan kuskure biyu. Ko dai ya tsaya a kowane tebur, minti ɗaya ɗaya su taru su cinye masa minti arba'in, ko kuma ya riƙa wucewa da safe saboda yana jin ƙarfi, sai ya isa Drummond, tsakiyar hanya, a irin halin da ka shiga gindin dogon yaro. Abin yi shi ne ka karɓa kana tafiya da ƙafa, ka ci kana tafiya, ka koma gudu bayan taku talatin ko arba'in, kuma tun kafin ka iso teburin ka riga ka yanke abin da za ka ɗauka.

Adadin da za ka nufa giram 60 na sukari ko sitaci ne a kowace sa'a, farawa daga minti talatin na farko, tun ba ka ji yunwa ba. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 25, ƙaramar kwalbar lemo wajen 35, dabino biyar ko shida wajen 30. Ciki ma sai an horar da shi, in ba haka ba ranar gasa amai zai mayar maka. Don haka ka kafa teburinka a Gummi. Ka bar dogayen hanyoyin bayan gari, ka zaɓi zagaye na kilomita huɗu ko biyar cikin gari, ka fita bayan sallar asuba, ka ajiye kwano da ledojin ruwa a shagon wani da ka yarda da shi ko a ƙofar gidanka, duk zagaye ka bi ta nan ka yi abin da za ka yi a gasar. Da haka ka yi, da ka zube kusa da abincinka, kusa da mutane.

Ruwa kuma a yi hattara. Zafinku na Maris da Afrilu ya sa kun saba ɗirkar ruwa, amma gasar a watan Yuni ake yi, lokacin sanyinsu. A wannan gasar ce Farfesa Tim Noakes ya fara bayyana cutar da yawan shan ruwa ke jawowa, inda gishirin jini ke tsinkewa, mutum ya kumbura ya rikice. Ka auna nauyinka kafin gudun sa'a ɗaya da bayansa, kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta gumi. Ka sha gwargwadon ƙishirwa, kuma idan ka gama gudu nauyinka ya ƙaru, ka sha fiye da kima. Kada ka haɗiyi ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac a dogon gudu, suna iya taɓa ƙoda.

Baƙin lokacin nan zai sake zuwa, ko ka ci ko ba ka ci ba, wataƙila sau biyu ko uku a rana ɗaya. Idan ya zo kada ka zauna, kada kuma ka yanke hukuncin komai. Ka koma tafiya da ƙafa, ka tambayi kanka yaushe rabonka da ci, ka sa wani abu mai zaƙi a baki, ka zuba ruwa a ka da wuya, ka dubi agogo ka ba kanka minti goma sha biyar. Ka daina lissafin kilomitocin da suka rage, ka sa ido kan tebur na gaba kawai, ko ka bi bayan wani mai tafiya daidai da kai kana kallon dugadugansa. Mafi yawan lokaci kafin wa'adin ya cika gari ya waye. Wanda ba a jira da shi daban yake: ciwon ƙirji, jiri da ba ya wucewa, magana ta fara harɗewa, amai a kai a kai, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi. Nan sai a tsaya a nemi likita.

Lahadi mai zuwa ka fita sa'a ɗaya da rabi kawai, da dabino goma sha biyar a aljihu, bayan ka ci tuwon dare ka ƙoshi. Ka kira abokin naka ku tafi tare, ka ce masa shi ma ya zo da nasa dabinon. Sannan ka sake rubuto mini da nauyinka, da kilomita nawa kake yi a mako, da lokacin da ka gama gudun Legas, domin sai da su zan iya gaya maka ko Yunin bana ya yi maka kusa.