14h00 ƙarfe biyu ne na rana, ba huɗu ba

Ranar Talata ta makon jarabawar ƙarshen shekara ina tsaron aji a wata makarantar gaba da sakandare a nan Damagaram. An rubuta a jadawali 14h00 zuwa 17h00. Muka buɗe ambulan a gaban ɗalibai, muka raba takardu, kujera ɗaya kawai ta rage ba kowa. Ana kiran sallar la'asar sai ga mai kujerar ta sauko daga kabu-kabu, ba ta ko sauri, biro da katinta a hannu. Ta yi sallama ta ce, "Malam, ina fata ban yi sammako da yawa ba?"

Na ce, "Ƴata, ƙarfe nawa aka ce miki?"

Ta ce huɗu. Ta ciro waya ta nuna mini hoton jadawalin, ga 14h00 ɓaro-ɓaro, ta ɗora yatsa a kan 4 ɗin. Na ce mata wannan ƙarfe biyu ne, awa biyu ke nan ana rubutu. Sai ta dafa bango.

Yarinyar daga wajen Magarya take, amma a Daura ta yi sakandare wurin gwaggonta, inda ake rubuta ƙarfe biyu da 2. Tun da ta zo nan darasinsu da safe ne, 08h00 zuwa 12h00, lambobin da ba sa ruɗa kowa. Wayarta ma a kan tsarin awa 12 take. Ba ta taɓa buƙatar karanta lokacin yamma a takarda ba sai ranar. Tun safe tana ɗakinta a Garin Malam tana bita, kuma darasin da ake jarabawarsa ranar shi ne wanda ta fi iyawa.

Ta roƙa a bar ta ta rubuta a awa ɗayan da ta rage. Ba ta yiwuwa. Ɗalibai da dama sun riga sun gama sun fita da takardar tambayoyi, suna zaune a bakin ƙofa suna tattauna amsa. Na san ba ta gani ba, amma ba ni da abin da zan nuna wa sauran. Aka rubuta mata ba ta zo ba. Sai zagaye na biyu, kuma ranar ta tafi gida tana kuka.

Kuskuren nan iri ɗaya ne kullum: mutum ya ga 14 sai ya yar da 1 ya riƙe 4. Ya cire goma ke nan, alhali sha biyu ake cirewa. Shi ya sa duk wanda ya faɗa ciki latti yake zuwa, kuma awa biyu cif. 13h ƙarfe ɗaya ne, 15h uku, 16h30 huɗu da rabi. A cire sha biyu, ba goma ba. Wanda lissafi ke ba wuya ya auna da salla: 14h wajen azahar ne, 16h wajen la'asar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne daga baya ta ce ta tambayi wani a zauren WhatsApp na ajinsu, ya turo murya ya ce "bayan salla ne". Wace salla? In ba za ka faɗi lamba ba, ka yi shiru. Kuma ku ɗalibai, ku daina ɗaukar lokacin jarabawa daga bakin wani. Allon sanarwa yana nan, ku je da ƙafarku ku kwafa a littafi, ku rubuta Hausarsa a gefe: biyu na rana.

Masu tsara jadawali ma ba su fita ba. Na sha ganin takarda ɗaya da 14h a layi ɗaya, 2h a layi na gaba, ba a faɗi ko 2h ɗin lokacin farawa ne ko tsawon jarabawar ba. Wannan sakaci ne. Garin da ke karɓar yara daga Kano, Katsina da Daura kowace shekara, a ce ba mai ɗaukar minti biyar ya karanta jadawali da babbar murya a aji? A kuma gaya musu in sun ga 12h30 kada su cire komai, sha biyu da rabi ne na rana.

Sha biyu ake cirewa. Na sake faɗa don na san wani zai karanta wannan, gobe ya ga 15h00 ya shirya zuwa ƙarfe biyar.

Iyaye, in yaronku ya yi karatu a Najeriya ya dawo nan zai zauna birbe ko bak, ku karɓi takardar kiransa, ku sa ya karanta muku lokutan ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Ku sa ya juya agogon wayarsa zuwa awa 24 tun mako guda kafin ranar.