Kada Kuɗi Su Riga Ido: Nasiha Ga Mai Karɓar Saƙon Kaya

Sana'ata ita ce ɗaure kaya da aika su daga wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ta Kano, kuma tun da ciniki ya koma ta waya, mutum ya ga hoto ya zaɓa, a kawo masa har ƙofar gida sa'an nan ya biya, na lura cewa galibin husumar da ke tashi tsakaninmu da masu saye a wuri guda take samo asali, wato ɗan lokacin nan da ɗan aike yake tsaye a ƙofa, babur ɗinsa na ruri, mai gida kuwa yana jin nauyin ya tsare shi.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne ga shari'a, domin malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sun halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffar da aka bayyana, ma'ana idan kaya suka iso suka saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓin ya mayar. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta ba shi wannan haƙƙi. Amma haƙƙin da aka nema bayan kuɗi sun fita daga hannu wahala ne da shi, saboda da zarar an biya, ɗan aike zai sanar cewa saƙo ya isa lafiya, a rufe lissafi, daga nan sai kiran waya da alƙawarin gobe.

A ɗauki misalin uwargida da ta yi odar turmi uku na atamfa da yadi biyar na farar shadda. A ranar da aiki ya yi yawa, musamman gab da Salla, yaron shago yakan ɗaure ƙunshi goma ko fiye kafin ya liƙa musu takardun suna, kuma a nan ne takardar wata take hawa kan kayan wata, ba don ha'inci ba, sai don gaggawa. Saboda haka ganin sunanki a jikin leda ba hujja ba ne cewa kayanki ne a ciki. Ki fara duba ko salatif ɗin yana nan yadda aka naɗa shi, ko kuwa an yanka an sake liƙawa. Sa'an nan ki buɗe a gaban ɗan aiken, ki ƙirga, ki buɗo hoton da kuka yi ciniki a kansa ki gwada zane da zane, ki duba tambarin da ke bakin atamfar, domin a nan ake gane wadda aka kwaikwaya. Turmi yadi shida ne, kuma wanda aka rage sai an warware shi ake ganewa. Ita kuwa farar shadda, a haske ake duba ta, don tabon danshi ba ya bayyana a zaure mai duhu.

Idan an sami saɓani, ki ɗauki hoton kayan tare da takardarsu, ki kira mai shago tun ɗan aiken yana tsaye, ki mayar da kome cikin ledarsa. Abin da na fi hana mutane shi ne su riƙe rabi su biya rabi, ko su yi ragi da ɗan aike, alhali shi wakili ne da aka ba amanar kai kaya da karɓo kuɗi, ba shi da ikon sauya farashi, kuma duk abin da ya yi giɓi daga aljihunsa za a cire. Haka nan idan za a tura kuɗi ta banki, a tura su asusun da mai shago ya bayar tun farko.

Akwai kamfanonin da ba su yarda a buɗe ƙunshi sai an biya; wannan sharaɗi a tambaye shi tun ranar ciniki, in bai kwanta maka ba ka nemi wani wuri. A ɗaya ɓangaren kuma, adalci ya wajaba a kan mai saye: wanda aka kawo masa daidai abin da ya zaɓa, ya ƙi karɓa don ra'ayinsa ya sauya ko don kuɗin sun shige wata hidima, ya zalunci mai shago da ɗan aiken da ya ƙona mai ya keto rana. Ko da kuskuren namu ne, kada a huce a kan ɗan aike, domin ba shi ya ɗaure kayan ba.

Ina roƙon 'yan'uwana masu shaguna su umarci 'yan aikensu su tsaya a duba kaya, masu saye kuma su daina jin kunyar cewa a dakata su gani kafin su biya.