"Allah ya kawo kasuwa" ba ciniki ba ne

Dambun nama nake sayarwa a hostel tun ina aji ɗaya, da shi nake biyan kuɗin buga furojet ɗina yanzu. A zangon da ya wuce na yi roba ashirin, na ɗora hoto a Status na WhatsApp, na rubuta a ƙasa: "Dambu ya sauka! Ku yi sharin, ku bi shafina na Instagram, ku kira ni ko ku turo saƙo, ko ku leƙo ɗakinmu."

Mutum ɗari da wani abu suka gani. Saƙonni sun shigo kam, amma kusan duk "Masha Allah" ne da "Allah ya kawo kasuwa". Roba uku na sayar, ga kuɗin mai nama a wuyana.

Da na sake karanta rubutun sai na ƙirga: abu biyar na roƙi mutum ya yi, alhali yatsansa na kan waya yana shirin wucewa gaba. In ka ba shi zaɓi biyar, wanda ba ya cin kuɗi zai ɗauka. Ya yi maka addu'a, ya ji ya fita haƙƙinka. Wanda kuma ya tafi Instagram, ni da kaina na kore shi daga wurin cinikin. Alamar ke nan: in yabo ya yi yawa oda ta yi kaɗan, duba ƙarshen rubutunka kafin ka zargi kayan.

To wanne za ka bari? Ka tambayi kanka: wane mataki ne ya fi kusa da kuɗi, wanda mutum zai iya ɗauka nan take daga inda yake? Mai kallon Status yana cikin WhatsApp, wurin ba da amsa na ƙasan hoton. Kira sai da kati, zuwa ɗaki sai an taka, maza ma ba sa shiga hostel ɗinmu. Sai na mayar da shi haka:

"Dambun naman sa, roba ₦1,500. Ashirin kawai na yi, zan raba gobe bayan la'asar. Turo DAMBU da adadin da kake so."

Farashi da lokaci ba umarni ba ne, bayani ne da ke share wa umarnin hanya. In ka cire su, "nawa ne?" za ka wuni kana amsawa. Wannan karon goma sha huɗu suka tafi kafin Status ɗin ya cika awa 24 ya ɓace.

Sai dai kaya mai tsada ba a yi masa haka. Ƙawata mai sayar da leshi ba ta cewa a turo oda, don ba mai biyan dubu arba'in daga ganin hoto ɗaya. Nata umarnin shi ne "Turo saƙo in nuna miki bidiyonsa." Roƙon sharin kuwa ban daina ba, na ware masa ranar Laraba, ranar da ba ni da dambu a hannu.