Ƙarambau a Jikin Yara: Yadda Za a Kwantar da Ƙaiƙayi da Lokacin da Ya Wajaba a Nufi Asibiti

Ƙarambau cuta ce wadda galibin yara masu ƙoshin lafiya sukan yi ta su warke a cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko da ba a ba su maganin kashe ta ba, domin ƙwayar da ke haddasa ta tana cikin jinsin bairos, waɗanda magungunan kashe bakteriya ba su da wani tasiri a kansu. To, amma duk da sauƙin da aka san ta da shi, akan samu yaran da take kai su gadon asibiti, kuma idan aka bi diddigin al'amarin sai a tarar mafi yawan lokaci sababin wahalar ya biyo ta farcen yaron ne. Fatar ɗan Adam tamkar ganuwar birni ce, kowane ƙurji da aka sosa har ya fashe kuwa ƙofa ce aka bar ta a buɗe, ta inda bakteriyan da ke zaune a kan fata da ƙarƙashin farce za su kutsa cikin tsoka, wani lokaci har cikin jini.

Yaro yakan ɗauki cutar ta numfashi ko ta taɓa ruwan ƙuraje, sa'an nan ta ɓuya a jikinsa tsakanin kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana da zazzaɓi da kasala. Ƙurajen sukan fara a ƙirji da baya da fuska, jajaye ƙanana, su ɗuri ruwa, su fashe, su yi ɓawo. Kuma da yake rukuni-rukuni suke fitowa har tsawon kwana huɗu ko biyar, sai ka ga sabo da mai ruwa da busasshe duk a wuri guda, wadda ita ce babbar alamar da ake gane ƙarambau da ita. Yaron yana iya harbin wasu tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, har zuwa ranar da na ƙarshe ya bushe, saboda haka ya kamata a dakatar da shi daga makarantar boko da ta allo har wannan lokaci ya cika.

Abu na farko da ya rataya a wuyan uwa shi ne ta yanke wa yaron farce ƙwarai, ta riƙa wanke masa hannu da sabulu, idan dare ya yi kuma ta sanya masa safa mai tsabta a hannuwa, domin mafi munin susa ita ce wadda ake yi cikin barci. Akwai masu ganin bai halatta ruwa ya taɓa mai ƙarambau ba, alhali kuwa gumi da dauɗa su ne ke tsananta ƙaiƙayi, su kuma ba bakteriya wurin zama. A yi masa wanka kullum da ruwa mai ɗan sanyi-sanyi, ba tare da soso ba, a tsane jikin ta hanyar ɗora tawul mai laushi a hankali maimakon gogewa, a bi ƙurajen da ruwan kalamin da auduga, a kauce wa idanu da cikin baki, sa'an nan a sanya masa riga ta auduga mai yalwa, a zaunar da shi inda iska ke shiga. Idan ƙaiƙayin ya hana barci, yaron kuma ya wuce shekara ɗaya, ma'aikacin lafiya yana iya ba da kulorfeniramin gwargwadon shekarunsa. Toka da ƙasa da man shafawa masu yaji, da kuma irin man nan da ake shafa wa ƙyasbi ko don hasken fata, waɗanda akasari suna ɗauke da sitiroyid, duk a nisanta su daga jikinsa.

Game da zazzaɓi, farasitamol shi ne abin dogaro, a kan ma'aunin miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, bayan kowace awa shida, ba fiye da sau huɗu a yini da dare ba. Yaro mai kilo 16, alal misali, rabonsa miligiram 240 ne, wato mililita 10 na ruwan maganin da ke da miligiram 120 a kowace mililita 5. Asfirin kuwa kada a kuskura a ba shi, domin haɗuwarsa da ƙarambau tana iya jawo wata lalura mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta; kuma da yake wasu garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a kemis suna ɗauke da shi, wajibi ne a tambaya kafin a saya. Haka nan ibufurofen, an danganta shi da munanan cututtukan fata ga mai ƙarambau. Idan ƙuraje sun fito a baki, a ba yaron ruwa a kai a kai da abinci mai laushi wanda ya huce, kamar koko, a bar yaji da tsami.

Yanzu mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara huɗu, wadda zazzaɓinta ya sauka a kwana na uku, ta koma wasa, har iyayenta suka yi hamdala. A kwana na shida sai jikinta ya sake yin zafi fiye da na farko, ta ƙi taka ƙafar hagu, da aka duba kuma sai aka ga wani ƙurji a cinyarta da ta sosa ya kewaye kansa da ja mai faɗin tafin hannu, wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, tana kuka idan an taɓa. Wannan ya fita daga hukuncin ƙarambau, ya zama ciwon bakteriya, wanda kalamin da farasitamol ba za su warkar ba, kuma jan yana iya ninka faɗinsa kafin gari ya waye. A ranar ake kai ta asibiti, domin a nan ne maganin kashe bakteriya yake da amfani. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu, ko wanda ya tafi ya dawo, ko raɗaɗin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani a fata, kowannensu dalili ne na ganin likita ba da jinkiri ba.

Haka hukuncin yake idan yaro yana numfashi da sauri ko da ƙyar, domin cutar takan sauka a huhu. Ko ya yi tangaɗi a tafiya, ko wuyansa ya sandare, ko ya yi jijjiga, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, domin waɗannan suna nuni ga ƙwaƙwalwa. Ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai. Ko ƙurajen suka cika da jini. Ko ɗaya ya fito a kan ƙwayar ido. Idan kuwa ƙurajen manya ne masu tauri, duk kamanninsu ɗaya, sun yawaita a tafin hannu da na ƙafa, ga kuma ƙaluluwa a wuya ko hammata, to a bincika ko ƙyandar biri ce.

Akwai kuma waɗanda ba a jiran wata alama a kansu: jariri sabon haihuwa, musamman wanda ƙuraje suka fito wa mahaifiyarsa daga kwana biyar kafin haihuwa zuwa kwana biyu bayanta, mace mai juna biyu wadda ba ta taɓa yin cutar ba, da yaron da garkuwar jikinsa ta raunana saboda kansa, ko cuta mai karya garkuwa, ko shan sitiroyid. Irin waɗannan a raba su da mai ƙarambau, idan kuma sun riga sun cuɗanya da shi a sanar da likita tun kafin komai ya bayyana, domin maganin asikulobir, wanda ke rage ƙarfin ƙwayar, ya fi amfani idan an fara shi a cikin awa 24 na farkon fitowar ƙuraje. Sauran yara kuwa, hakkinsu a kan iyaye shi ne a tube su a gaban haske safe da yamma, a duba ƙurajen ɗaya bayan ɗaya, a kuma riƙe lissafin kwanakin zazzaɓi, domin su ne abin da likita zai fara tambaya. Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.