Yadda Ake Ƙin Tsaya wa Mutum a Takarda Cikin Mutunci

Lamuni da shaida ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda aka kawo wa takarda sai ya fara gane wanne ake nema a wurinsa. Shaida yana tabbatar da abin da ya gani da idonsa ne, kamar cinikin fili da aka ƙulla a gaban mai unguwa. Mai lamuni kuwa, wanda ake kira garanto, bashin ne ya ɗora wa kansa. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Katsina ke aiki da shi, idan wanda ake bi bashi ya gaza, ana iya bin wanda ya tsaya masa.

A ce wani matashi a Ƙofar Marusa zai karɓi Keke Napep na naira miliyan 4 a kan biya kaɗan-kaɗan, ya kawo wa ƙanen mahaifinsa fom. In ya biya miliyan 1 ya daina, ragowar miliyan 3 ƙofar mai sa hannu za ta iya zuwa. Don haka a karɓi takardar a karanta, ko a sa wani amintacce ya karanta, a nemi kwana ɗaya ko biyu. Kafin a yanke shawara kada a ba da hoto, ko kwafin katin ɗan ƙasa, ko takardar gida.

Idan shawara ta tsaya a kan ƙi, a kira matashin a keɓe, a zaure ko bayan an watse daga masallaci. A gaisa sosai, sannan a jingina uzurin ga halin da ake ciki, kada a taɓa amanarsa: "Ɗana, na karanta takardar nan. In wani abu ya faru, ba ni da ƙarfin biyan wannan kuɗi, kuma ba na so in ɗauki alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Ka yi haƙuri." A miƙa masa takardarsa nan take.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jan rai saboda kunya. "Ka dawo gobe" yana cinye masa lokacin neman wani, kuma ya fi ɓata zumunci. In ya turo dattijo ya sa baki, a girmama dattijon, a maimaita uzurin farko ba tare da ƙaro wani ba, domin kowane sabon dalili ƙofar ciniki ce. Mai hali yana iya ba da gudummawar da zai iya yafewa.

Shaida tana da nata hukuncin. Wanda bai halarci ciniki ba zai ce, "Alhaji, ban ga lokacin da aka yi ba, ba zan iya sa hannu ba." Amma wanda ya riga ya gani, aka kira shi don a tabbatar da haƙƙin wani, ba shi da wannan uzuri, domin ayoyi na 282 da 283 na Suratul Baƙara sun hana ƙin amsa kira da ɓoye shaida.