Darasi: Takardar sakamakon jami'a idan za ta tsallaka iyaka

A ɗauka wani saurayi ne a unguwar Kusugu, cikin birnin Daura. Ya gama digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, yana neman aikin koyar da Turanci a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ta Kongolam zai bi, tafiyar ba nisa, amma takardarsa da Turanci take, ofisoshin can kuwa da Faransanci suke aiki. Dole a fassara ta.

Takardar da ake nufi ita ce mai jera kowane darasi da makin da ya ci, shekara bayan shekara. Jami'a ce ke bayar da ita, da hatiminta. Kafin a fassara, akan kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, su tabbatar da ingancinta. Ya fara tambayar masu ɗaukar aikin wane mai fassara suka yarda da shi, kada ya biya kuɗi sau biyu.

Mai fassara kalmomi yake juyawa, ba ya taɓa maki. Ga dalili.

A yawancin jami'o'in Najeriya, wanda ya ci 70 zuwa 100 ya sami A, wato maki 5. Daga 60 zuwa 69 kuma B ne, maki 4. A Nijar bisa 20 ake aunawa, kuma 10 ce iyakar ci.

To, saurayinmu ya ci 64 a wani darasi, an ba shi B. Idan aka ce 4 cikin 5 ne, lissafi zai ba da 16 cikin 20. Idan aka ce 64 cikin 100 ne, sai ya ba da 12.8. Darasi ɗaya, amsa biyu! A tsarin can, 16 makin zakaru ne, 12.8 kuwa dama-dama. Wanda ya rubuta ta farko ya ƙara masa, ta biyu kuma tana iya tauye shi. Shi ya sa ake barin 64 da B yadda suke.

Abin da ke raba gardama shi ne jadawalin ma'aunin jami'ar, wanda galibi yana ƙasan takardar ko bayanta. A fassara shi duka. Da shi mai ɗaukar aiki zai gane cewa matsakaicin maki 3.60 cikin 5 ne, kuma yana tsakanin 3.50 da 4.49, wato daraja ta biyu ta sama.

Sai suna, inda da yawa ke tuntuɓe. Idan fasfo ya ce Usman, kada fassara ta ce Ousmane don haka ake rubutawa a Nijar. Kafin ya bar wurin mai fassara, ya ajiye takardun biyu kusa da juna, ya bi su da yatsa layi-layi: suna, shekara, maki.